Kwalbar mai da ta cika ta zube: yadda ake gyara sakin layin da ya cika ambaton abin da ke zuci

Ɗiyar ƙanwata tana rubuta labari a waya, kuma ran nan da na je gidansu a unguwar Bagalam ta Maradi ta miƙo mini ta ce, "Kawu, duba mini nan wurin. Shi ne wurin da ya fi taɓa ni a labarin duka, amma duk wadda na ba ta karanta sai ta wuce shi kamar ba ta gani ba." Na karɓa na karanta. Ga abin da ta rubuta, da izininta:

"Da Inna ta ga Lawali ya shigo gida bayan shekara uku a Libiya, sai mamaki ya kama ta ƙwarai. Wani irin farin ciki mara misaltuwa ya lulluɓe ta, domin ta daɗe tana kewarsa. Amma kuma tana jin haushinsa saboda bai taɓa kiran ta a waya ba, alhali ita ta sayar da akuyarta ta ba shi kuɗin mota. Da ta ga yadda ya rame sai tausayinsa ya kama ta. Shi kuma Lawali kunya ta ishe shi, yana ta nadama a ransa. Barira ma ta yi murna sosai."

Hausar ba ta da aibi, kuma babu ƙarya a ciki. Damuwar ita ce mai rubutun ta ga abin a zuciyarta, ta yanke hukunci a kansa, sannan ta miƙo mana hukuncin ta riƙe abin da ta gani. "Farin ciki" sakamako ne. Mu da muke karatu ba mu ga matar ba, ba mu ga tsakar gidan ba, an dai ce mana mu yarda. Aikin da muka yi da yammacin nan shi ne komawa baya daga hukuncin zuwa shaidar, kuma zan bi shi daki-daki yadda muka yi, har da inda muka ɓata.

A fara da bik da takarda

Na sa ta kwafe sakin layin a kaye, don a waya ido yana zamewa. Na ce ta ja layi ƙarƙashin duk kalmar da ke kiran sunan abin da mutum ke ji a ransa. Ta samu takwas a jimla shida: mamaki, farin ciki, kewa, haushi, tausayi, kunya, nadama, murna. Sannan na ce ta zagaye duk abin da maƙwabci zai iya ba da shaida a kai ba tare da ya shiga zuciyar kowa ba. Su biyar ne: shekara uku, Libiya, rashin kiran waya, akuyar da aka sayar, da rama.

Wannan rabon shi ne tushen aikin. Abubuwan da aka zagaye ba laifi a faɗe su kai tsaye, kuma dole su tsira har ƙarshe. Waɗanda aka ja wa layi su ne za a cire a nemo abin da zai tsaya a madadinsu. Sau da yawa mai gyara yakan rikice ya ɗauka an hana shi faɗin komai, sai ya ɓoye har zancen sayar da akuyar, mai karatu ya rasa dalilin haushin.

Ba kuma duka takwas ɗin ne ke buƙatar madadi ba. Kewa tana cikin "shekara uku", ba sai an ƙara mata komai ba. Murnar Barira ihu ɗaya ya ishe ta. Kunya da nadamar Lawali abu guda ne aka kira da suna biyu. Da muka tace, sai ya rage abin da ke riƙe da wurin: farin ciki da haushi suna kokawa a zuciyar uwa, tausayi ya zo ya raba su. Uku ke nan, kuma a jere suke, ɗaya na bin ɗaya. Idan sakin layinka ya tara sunaye fiye da uku bayan tacewa, yawanci wuri biyu ne ka cusa a ɗaya.

Abu na gaba gajere ne amma ba a tsallake shi: da idon wa za mu kalla? A rubutun farko mun shiga zuciyar Inna, mun fita mun shiga ta Lawali, mun leƙa ta Barira, duk a numfashi ɗaya. Mai ikon shiga kowace zuciya ba ya wahalar da kansa da kallo, shi ya sa yake faɗi kawai. Muka zaɓi Barira, ƙanwar. Tana tsakar gidan, ta san halin uwarta ciki da bai, amma ba ta iya ganin zuciyarta. Duk abin da Barira ba za ta iya gani ko ji da kunne ba, ba zai shiga sakin layin ba.

Me hannunta ke yi?

Na tambaye ta, "Lokacin da ya yi sallama, me Inna take yi?"

Ta ce, "Ba komai, Kawu, tana dai zaune."

Na ce ta nuna mini gida ɗaya a Bagalam ko Mokoyo da uwar gida ke zaune hannu rabbana bayan la'asar. Ta yi dariya. Nan ne mafi yawan sakin layi irin wannan ke mutuwa: an ajiye mutum a wurin da ba wuri ba, ba lokaci, ba aiki, don haka babu abin da ya rage masa sai fuska da zuciya. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, gaskiya ne, amma matan gidajenmu sun daɗe da koya wa fuska riƙe sirri. Hannu ne bai iya ba.

Saboda haka sai a ba mutumin aiki, kuma aikin ya zama wanda marubucin ya sani da idonsa. Mun yi tunanin daka, mun yi tunanin wanki, daga baya muka tsaya a kan ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, don sana'ar kakarta ce kuma a gabanta ta tashi tana gani. Na ce ta lissafo mini aikin tun daga farko, ta lissafo ba gargada: a soya gyaɗa, a murje a sheƙe ɓawon, a kai inji, a dawo a zuba a turmi ana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa har mai ya taso, a matse, a mulmula tunkuzar a soya ta a cikin man, sauran man a ɗura a kwalabe da mazurari. Wadda ɗazu ta ce "tana dai zaune" yanzu ta cika rabin shafi.

Ba za a zuba wannan duka a labari ba. Amfanin lissafin shi ne a nemo gaɓar da aikin ba ya yafe wa wanda hankalinsa ya gushe. A nan guda biyu ne: ƙuli a kasko yana ƙonewa idan aka manta da shi, kwalba kuma tana cika ta zube idan ido ya bar wuyanta. Muka ba Barira kasko, muka ba Inna kwalba. Muka sa ranar ta zama Alhamis, don gobe Juma'a ranar kasuwa ce a Maradi, kowane ɗigon mai yana da lissafinsa.

Gwajin farko, wanda bai yi ba

Na bar ta ta gwada ita kaɗai, na fita sallar magariba. Da na dawo ga abin da ta rubuta:

"Gaban Inna ya faɗi ras. Ta zaro ido, ta dafe ƙirji, hawaye masu zafi suka zubo mata. Ta saki ajiyar zuciya, ta tashi da gudu ta rungume shi tana kiran sunansa."

Ta cire sunayen kam, babu "farin ciki" babu "mamaki". Amma abin da ta sa a madadinsu sunayen ne suka sake riga. Faɗuwar gaba, zaro ido, dafe ƙirji, hawaye masu zafi, ajiyar zuciya: an yi ta amfani da su a rubutun Hausa har sun zama kamar tsohon kuɗin da rubutunsa ya goge. Ga yadda ake gane su. Ka ɗauki jimlar ka kai ta wani labari dabam, inda aka ce wa mace mijinta ya yi hatsari, ko an yi mata kishiya, ko ta ci jarrabawa. Idan ta zauna daram a can ma, to ba ta wannan matar ba ce. "Ta dafe ƙirji" zai shiga duka ukun. Motsin da ake nema shi ne wanda Inna kaɗai za ta yi, a wannan tsakar gida, da wannan kwalba a hannu.

Sai babban kuskuren, wanda ita ma da na nuna mata ta rufe baki. Sunan yaron Lawali, ɗan fari ne. Wace uwa ce irin Inna, mai shekaru, a tsohuwar unguwa, za ta tashi da gudu ta rungume ɗan farinta tana kiran sunansa a gaban ƙanwarsa? Kakar ɗiyar tawa har ta rasu ba a ji sunan babban ɗanta a bakinta ba, sai "wancan" ko "yaron nan". Rungumar daga kallon talabijin ta zo, ba daga gidan ba. Ban ce babu uwar da ke yi ba a yau, akwai, musamman matasan iyaye. Amma idan Inna ta yi, to sai labarin ya riga ya nuna mana cewa ita daban ce.

A ganina wannan kunyar ba cikas ba ce ga marubucin Hausa, jari ce. Inda al'ada ta tsara yadda ake gaisuwa, inda ake durƙusawa, wanda ake kallo da wanda ake kau da kai daga gare shi, ƙaramar karkata daga tsarin tana da ƙara kamar ganga. Abin da ake buƙata biyu ne: a nuna yadda aka saba, sannan a nuna inda aka kauce. Idan ba a kafa na farko ba, na biyun ba ya nufin komai.

Farin ciki, haushi, tausayi, ɗaya bayan ɗaya

Mu ɗauki farin cikin da mamakin da ke tare da shi. Tambayar ba "yaya mai farin ciki yake yi" ba ce. Tambayar ita ce, wannan abu da ya faɗo mata, me zai yi wa aikin da ke hannunta? Amsa: za ta ci gaba da zuba mai bayan kwalba ta cika. Sai dai zubewar mai ita kaɗai ba ta ce komai ba, kowa na iya ɓari. Dole tun kafin sallamar mu ga cewa wannan mata ce da ke suɗe bakin mazurari da yatsa ta mayar da ɗigon cikin roba. Jimla ɗaya ce, a saka ta a farko kamar ba da niyya ba. Idan man ya bi yatsunta ya sauka kan tabarma tana ta zubawa, mai karatu zai haɗa biyun da kansa, kuma abin da ya haɗa da kansa shi yake riƙewa.

Haushi ya fi ba mu aiki. Da farko ta kawo tsaki da harara. Na ce tsaki na wanda aka raina ne, ba na ɗan da aka shekara uku ana yi wa addu'a ba. Muka koma ga gaisuwa. Duk wanda ya dawo daga tafiya ya san abin da ke jiransa: ya hanya, ya gajiya, ya ka baro mutanen can, a yi ta jerowa. Idan ya gaishe ta ta amsa da "lahiya" ɗaya tak, ya sake ta sake ba shi guda, ya jira tambayar hanya ba ta zo ba, babu Bahaushen da zai nemi a fassara masa. Abin da ba a yi ba shi ma motsi ne, muddin mai karatu ya san ana sa ran a yi shi.

Zancen wayar kuma ba za ta yi masa kai tsaye ba. Za ta bi ta kan Barira, yana durƙushe yana ji, ta kira shi "baƙonku". Kalmar tana aiki biyu: kunyar ɗan fari ta hana ta sunansa, haushi kuma ya zaɓa mata wanda ya fi ciwo cikin sunayen da suka rage. A wurin magana ne kawai muka bar harshen gari, hura da lahiya da hito, don haka Inna ke magana. Bayanin marubuci muka bar shi a daidaitacciyar Hausa, yadda mai karatu a Katsina ko Kano ko Damagaram zai bi ba tuntuɓe.

Akuyar fa? Ba ta nan, an sayar. Amma abin da ya tafi yakan bar gurbi, kuma gurbin ana ganinsa. Jar akuya ce irin tamu ta Maradi, wadda mace ke riƙewa a matsayin asusunta, kuma turkenta yana nan a kafe. Muka sa Lawali ya durƙusa kusa da turken bai lura ba, ya lura, ya matsa. Kunyarsa da nadamarsa ke nan duka a motsi ɗaya, ba mu shiga ransa ba. Labarin sayarwar kuwa muka faɗe shi a fili cikin rabin jimla, tunda yana cikin abubuwan da aka zagaye.

Tausayi ana nuna shi ta inda ido ya sauka da abin da ya biyo baya. "Ya rame" gaskiya ce amma ba ta da ma'auni. Rama tana bayyana ne idan an gwada ta da abin da bai canza ba, shi ya sa muka mayar masa da rigar da ya tafi da ita, ɗinkin kafaɗa ya sauko har damtse. Muka ba shi baƙar leda guda a matsayin kayan shekara uku. Barira ta ga idon uwarta ya bi ledar ya bi rigar. Daga nan ba a bukatar hawaye. Uwa irin Inna tausayinta abinci ne, kuma tana da lissafi, don haka sai a ji shi a kuɗin nono: na dala arba'in a kuɗinmu na sefa maimakon na ashirin da aka saba.

Jeri

Kafin a haɗa, akwai ƙa'ida ɗaya da ake yawan karyawa. Abin da ya jawo motsi shi ke fara zuwa, motsin ya biyo. Rubutun farko ya ce "Da ta ga yadda ya rame sai tausayinsa ya kama ta", wannan daidai ne a jeri. Amma a gyara mutane sukan rubuta "Ta tsaya cak da ta ji sallamarsa", su sa tsayawar gaban sallamar. Mai karatu ya ga martani bai san na mene ne ba, sai ya koma baya. A bari sallama ta shigo, sannan mai ya zube. A bari mu ga leda da riga, sannan tsumma ya tsaya.

Ga yadda ya fito bayan mun haɗa:

"Bayan la'asar Inna na ɗura mai a kwalabe, Barira na juya ƙuli a kasko. Gobe Juma'a, kasuwa. Duk kwalbar da ta cika sai Inna ta suɗe bakin mazurari da yatsa ta mayar da ɗigon cikin roba. Tana kan ta huɗu aka yi sallama daga zaure.

Barira ta amsa ba ta ɗago ba. Aka sake yi. Ta saki cokalin cikin kasko.

'Yaya Lawali! Inna, Yaya Lawali ne!'

Inna ba ta juya ba. Mai ya kai wuyan kwalba, ya haye, ya bi yatsunta ya sauka kan tabarma, tana ta zubawa.

'Inna, mai!'

Ta aje moɗar.

Ya cire takalma tun daga nesa, ya zo ya durƙusa gefen turken jar akuyar da aka sayar aka yi masa kuɗin motar Agadas. Shekara uku ba a ɗaure komai a kai ba. Ya ga inda ya durƙusa, ya ɗan matsa.

'Inna, ina wuni.'

'Lahiya.'

'Mun same ku lahiya?'

'Lahiya.'

Ya jira. Ta ɗauki tsumma ta goge kwalbar, ta juya ta, ta sake gogewa.

'Barira, tambayi baƙonku ko can inda ya hito babu waya.'

Lawali ya samu tsinke yana tona ƙasa. Baƙar leda ce a gefensa an ƙulle bakinta, babu wani kaya a zaure. Rigar da ya tafi da ita ce a jikinsa, ɗinkin kafaɗar ya sauko har damtse. Barira ta ga idon Inna ya sauka kan ledar, ya hau kan rigar. Tsumman ya tsaya.

'Ƙulinki na ƙonewa,' in ji Inna. Can kuma ta ce, 'In kin kwashe ki dama hura. Ki karɓo nono na dala arba'in.'

'Ba na ashirin ba?'

'Na ce arba'in.'

Ta jawo kwanon ƙulin sayarwa, wanda ko Barira ba ta taɓawa sai an ƙirga, ta tura shi wajen turken, fuskarta na kallon bango."

Yadda za ka san ko ya yi

Marubuci ba ya iya auna wannan da kansa, don shi ya riga ya san abin da ke zuciyar Inna, kome ya rubuta zai gan shi a ciki. A nemo wanda bai ga rubutun farko ba, a karanta masa da baki, sannan a yi masa tambaya ɗaya: me Inna take ji? Kada a ba shi zaɓi, kada a ce "ka ga farin cikinta?" Mu uwar yarinyar muka kira daga madafa. Ta saurara, ta ce, "Ai daɗi ne ya kashe ta, ta dai ƙi nunawa. Kuma da gaskiyarta, yaron bai kyauta ba." Ta kawo biyu cikin uku da bakinta, na ukun kuma da muka tambaye ta dalilin nonon ta ce, "To ba ki ji yadda ya koma ba?" Idan sunayen da ka cire suka dawo daga bakin mai sauraro, aikin ya yi.

Idan ya kawo wani abu dabam, ka duba ɗaya daga cikin wurare uku. Na farko, wataƙila ba ka kafa abin da aka saba ba. Mun gwada cire jimlar suɗe mazurari muka karanta wa wani yaron gidan, ya ce Inna ta tsufa ne hannunta na rawa. Motsin yana nan amma ma'anarsa ta tafi.

Na biyu, yawan motsi. Akwai lokacin da muka ƙara mata gyara ɗankwali, da kallon sama, da karkaɗe zane, duk tsakanin sallama da gaisuwa. Sai matar ta koma kamar mai ƙaiƙayi, man da ya zube ya ɓace a cikin tarkace. Kowane abu da ke zuci motsi ɗaya mai ƙarfi ya ishe shi, biyu idan ya daɗe. Yadda ake tantancewa shi ne a cire motsin a sake karantawa. In ba abin da ya ragu, dama ba ya ɗauke da komai.

Na uku shi ne wutsiyar bayani, kuma shi ya fi wuyar bari. Marubuci ya nuna abu da kyau, sai tsoro ya kama shi kada a kasa ganewa, ya liƙa masa fassara a baya: "ta tura masa kwanon, alamar ta huce", ko "ta amsa cike da haushi", ko "ya matsa saboda kunya". Ka bi rubutunka ka nemi waɗannan kalmomi: alamar, cike da, cikin, saboda, wanda ke nuna. Duk inda sunan abin da ke zuci ya biyo bayansu, ka yanke daga nan ka ga ko jimlar ta tsaya da ƙafarta. Ɗiyar tawa ta yi ta roƙo a bar mata "murya na rawa" a wurin zancen nono. Muka karanta da shi, muka karanta babu shi, ita da kanta ta goge, don "Na ce arba'in" ya riga ya yi aikin.

Akwai farashi, kuma gara a san shi. Rubutun farko bai kai kalma 90 ba, na biyun ya ninka shi wajen sau uku. Idan aka yi wa kowane sakin layi haka, labarin da ya kamata ya ƙare a shafi 100 zai kai 300, kuma mai karatu zai gaji da kallon hannaye. Wannan aiki na wuraren da labari ke juyawa ne, inda wani abu ke canzawa tsakanin mutum biyu. A hanyar zuwa wuraren, faɗi kai tsaye ya fi: "Damina ta wuce Inna ba ta sake zancensa ba, Barira kuwa haushinsa take ji" jimla ce mai kyau, ta haye wata huɗu a layi ɗaya, ba wanda zai ce a buɗe ta. Haka nan idan mutumin cikin labari ne ya kira sunan abin da bakinsa, wannan magana ce, kuma magana aiki ce. Ranar da Inna za ta ce wa maƙwabciyarta "na ji zahin yaron nan", nauyin kalmar zai zo ne daga shafukan da ta yi ba ta faɗa ba.

Abu ɗaya ya ɓace mana a gyaran, sai da muka sake bin abubuwa biyar da aka zagaye muka gano: Libiya. Shekara uku na nan, waya na nan, akuya da rama na nan, amma sunan ƙasar ya faɗi, sai motar Agadas kawai. Na ce a mayar. Ta ce babi biyu da suka wuce duk zancen tafiyarsa Libiya ake yi, kuma duk ɗan Maradi ya san inda mai shiga motar Agadas da kuɗin akuya ya nufa. Na ce na Kano fa? Ta ce shi ma ya karanta babi biyun. Muka bar shi yadda yake, ta buɗe babi na gaba, inda Lawali zai shiga ɗakin mahaifinsa, ta fara ja wa "tsoro" layi.